Yadda na nemi faɗin ƙasa da yawan jama'ar gundumarmu a rubuce daga ƙaramar hukuma a Zariya

Ƙungiyar ci gaban unguwarmu ta samu takardar neman tallafin rijiyar burtsatse da gyaran ƙaramin asibiti, kuma a shafin farko an bar gurabe biyu: yawan mutanen yankin da faɗin ƙasarsa, tare da sharaɗin a haɗo takardar hukuma da ta tabbatar da su. Ni aka ɗora wa aikin samo takardar. Na rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, domin ɗalibai masu bincike da sakatarorin ƙungiyoyi da yawa a Zariya suna bin wannan hanya, kuma mafi yawan wahalar da ake sha tana faruwa ne tun kafin wasiƙar ta bar hannun mai ita.

Abu na farko da ya kamata a warware shi ne wane yanki ake nufi. Garin da muke kira Zariya ya ratsa ƙananan hukumomi biyu, Zariya da Sabon Gari. Birni da Tudun Wada da Gyallesu da Tukur-Tukur suna ƙarƙashin ƙaramar hukumar Zariya, Samaru da Hanwa da Muciya da Cikaji kuwa na Sabon Gari ne. A ƙarƙashin kowace ƙaramar hukuma akwai rabo iri biyu da ba su hau kan juna daidai ba. Akwai mazaɓar kansila, wadda Zariya ke da goma sha uku, Sabon Gari ke da goma sha ɗaya. Akwai kuma ƙasar hakimi, wadda ke ƙarƙashin masarautar Zazzau. Dukansu mutane na ce musu gunduma. Ƙasar hakimi ɗaya tana iya haɗiye mazaɓu da dama, kuma iyakarta ta motsa a 'yan shekarun nan: a 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da yawan gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77 da ake da su kafin 2001. Wanda ya rubuta cewa yana neman yawan mutanen "gundumar kaza" bai faɗi wadda yake nufi ba, kuma ma'aikacin da takardar ta faɗa hannunsa ba zai yi masa duba ba. Na koma ga takardar masu tallafin na karanta da kyau, na ga mazaɓar kansila suke nufi, don haka ita na ambata da cikakken sunanta kamar yadda yake a rajistar hukumar zaɓe, na kuma jero unguwannin da ke cikinta.

Kafin in je sakatariya na bi ta hannun sarakunanmu. Doka ba ta tilasta wannan ba, amma yana da amfani biyu: yana nuna cewa mai neman mazaunin wurin ne da aka sani, kuma idan amsar ta zo da batun iyaka, hakimi ba zai ji labarin daga waje ba. Na fara da mai unguwa, ya haɗa ni da dagaci, dagaci ya sa hannu a ƙasan wasiƙar ya buga hatimi, sannan na kai ofishin hakimi. Magatakardan hakimi ya karanta ya ce, "Malam, yawan mutane ba mu da shi a rubuce. Abin da muke da shi jerin unguwanni ne da sunayen masu unguwanni." Na ce, "Ranka ya daɗe, ko shi aka ba ni ya yi amfani." Ya ba ni jerin na yi kwafi, kuma daga baya wannan jeri ya fi kowace takarda taimaka mini wajen batun iyaka. Tsofaffi za su ce maka a da ofishin hakimi ya san adadin magidantan ƙasarsa, kuma gaskiya ne, saboda littafin haraji. Tun da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali wannan ƙidaya ta shekara-shekara ta tsaya, don haka kada mutum ya je can da tsammanin alƙaluman yau.

Wasiƙar kanta shafi ɗaya ce. Da Turanci aka buga ta, domin da shi ake tafiyar da fayil a ofis, a kan takarda mai kan ƙungiyarmu. Wanda ba shi da ƙungiya ya sa sunansa da adireshinsa da lambar wayarsa a sama, ya isa. An aika ta ga Shugaban ƙaramar hukuma, ta hannun Sakataren ƙaramar hukumar. Ga abin da ta ƙunsa da Hausa:

"Neman bayanin yawan jama'a da faɗin ƙasar mazaɓar kaza. Ni mazaunin unguwa kaza ne a wannan mazaɓa. Ina roƙon a ba ni, a rubuce a kan takardar hukuma mai sa hannu da hatimi: na ɗaya, yawan mutanen wannan ƙaramar hukuma bisa ƙidayar 2006, maza da mata, na biyu, adadin da hukuma ke aiki da shi a yanzu ga mazaɓar da aka ambata, tare da shekarar da aka fitar da shi da inda aka samo shi, da bayanin ko ƙidaya ce ko kiyasi, na uku, faɗin ƙasar mazaɓar da murabba'in kilomita, tare da kwafin taswirar da aka auna a kanta. Idan wani daga cikin waɗannan bayanai ba ya hannun wannan ofishi, ina roƙon a sanar da ni a rubuce hukumar da ke riƙe da shi. Za a yi amfani da bayanan wajen cike takardar neman tallafin ruwa da lafiya."

Jimla biyu ne suka ɗauki nauyin wasiƙar. Wadda ta nemi shekara da tushe ita ce ke hana a ba ka lamba tsirara, wadda ba za ka iya kare ta ba idan an tambaye ka. Wadda ta ce a sanar da ni wanda ke riƙe da bayanin ita ce ke buɗe wa ma'aikaci ƙofar amsawa ko da ba shi da adadin. Ma'aikaci ba ya son sa hannu a kan abin da ba shi da tabbaci, kuma yana da gaskiya. Idan wasiƙa ba ta bar masa wata amsa ba sai lamba, fayil ɗin zai zauna a kan tebur.

Na yi kwafi uku na wasiƙar, na haɗa da kwafin takardar shaidar ɗan ƙasa, da kwafin shafin takardar masu tallafin inda aka nemi alƙaluman, da jerin unguwannin da na samo daga ofishin hakimi. Bugawa da kwafi a shagon kwamfuta ba su kai naira dubu biyu ba, sai kuɗin Keke Napep. A sakatariya ba a nemi ko sisi ba, kuma babu kuɗin da aka tsara don miƙa wasiƙa irin wannan. Idan an ce a biya kuɗin kwafin taswira ko na wasu shafuka, a biya a karɓi rasit.

A sakatariya wurin zuwa shi ne rajista, ofishin da ake karɓar wasiƙu. Mutane da yawa suna neman wani da suka sani ya shigar musu da takarda kai tsaye wurin Ciyaman. Ban ba da shawarar haka ba. Takardar da ba ta shiga littafin rajista ba ba ta da lamba, ba ta da fayil, kuma ranar da ta ɓace ba wanda za a tambaya. Na je da safe a farkon mako. Akawun rajista ta karɓi kwafi biyu, ta rubuta a littafin shigowar wasiƙu, ta buga hatimin karɓa mai kwanan wata a kan na uku ta sa hannu ta miƙo mini. Wannan kwafi na uku shi ne shaidarka, a adana shi. Na ce mata, "Hajiya, don Allah idan an buɗe fayil ina son lambarsa." Ta ce in dawo bayan 'yan kwanaki. Da na dawo ta ba ni lambar, ta kuma duba littafin zirga-zirgar fayil ta gaya mini teburin da yake.

Tafiyar fayil tana da tsari, kuma sanin tsarin yana rage ɓacin rai. Daga rajista yana zuwa wurin Sakatare, shi kuma ya rubuta umarni a jikin takardar, abin da suke kira minit, ya tura wa shugaban sashen da abin ya shafa. Tawa ta rabu biyu, domin tambaya biyu ce a cikinta. Batun jama'a ya tafi wurin jami'in tsare-tsare da ƙididdiga, batun ƙasa ya tafi sashen ayyuka, inda mai kula da filaye yake. Fayil ɗaya ba ya zama a tebur biyu a lokaci guda, sai ɗaya ya gama ya mayar sannan a kai wa ɗayan. Wanda ke cikin gaggawa gara ya rubuta wasiƙa biyu, ɗaya ta jama'a ɗaya ta ƙasa, su tafi tare. Ranar Juma'a ba ranar bin fayil ba ce, haka ma ranakun da ake zaman majalisa ko tantance ma'aikata.

Zaman da na yi da jami'in tsare-tsare shi ne ya fayyace mini komai, kuma a nan ne na ji nauyin abin, domin na shiga da zaton lambar tana cikin wani kundi sai dai a buɗe a kwafo. Ya ce, "Malam, mu ba ma ƙidayar mutane. Ba aikinmu ba ne a doka." Haka yake. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sa ƙidaya cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke yin ta. Ƙidaya ta ƙarshe ita ce ta watan Maris na 2006. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta. Saboda haka duk adadin da ya cancanci a kira shi na hukuma ba tare da wani sharaɗi ba na 2006 ne, sauran duk kiyasi ne da aka ɗora a kansa. Abu na biyu da ya fi wannan muhimmanci ga mai neman gunduma: sakamakon 2006 da aka buga ya tsaya ne a matakin ƙaramar hukuma. Ba a fitar da shi mazaɓa-mazaɓa ko unguwa-unguwa ba. Ƙidayar 1991 ce aka fitar da ita har matakin garuruwa da ƙauyuka, shi ya sa har yanzu za ka ga masu bincike suna ɗauko adadin unguwa na 1991 suna ja masa lissafi na shekara talatin da wani abu. A wuraren da suka cika suka batse a bayan gari, inda gonakin 1991 suka zama gidaje, wannan lissafi ba ya kusa da gaskiya.

Ko adadin 2006 ɗin ma biyu ne, kuma a nan mutane ke rikicewa. An fara fitar da sakamakon wucin gadi na ƙananan hukumomi a gazet, wato jaridar da gwamnati ke buga sanarwarta ta hukuma, ta watan Mayun 2007, sannan aka fitar da na ƙarshe a gazet ta 2 ga Fabrairu, 2009. A na wucin gadi ƙaramar hukumar Zariya tana da mutum 408,198, a na ƙarshe 406,990. Sabon Gari tana da 286,871 a na farko, 291,358 a na ƙarshe. Jihar Kaduna baki ɗaya ta tashi daga 6,066,562 zuwa 6,113,503. Idan ka ga waɗannan lambobi suna saɓa wa juna a littattafan ɗalibai, ba wanda ya yi ƙarya, gazet ɗin da kowa ya ɗauko ce ta bambanta. Na 2009 shi ne wanda ya kamata a rubuta, kuma ya kamata wasiƙar amsa ta ambaci gazet ɗin.

Daga nan sai kiyasin yau. Hanyar da aka saba ita ce a ɗauki adadin 2006 a ninka shi da ƙaruwar shekara-shekara:

```
P = P0 × (1 + r)^n
```

P0 shi ne adadin 2006, r shi ne ƙaruwar shekara, wato 0.03 idan kashi 3 cikin ɗari ce, n kuma yawan shekarun da suka wuce. A ɗauki ƙaramar hukumar Zariya a matsayin misali, zuwa 2025, wato shekara 19. Da ƙaruwar kashi 3 cikin ɗari, wadda aka saba amfani da ita ga Jihar Kaduna, 406,990 zai zama kusan 713,700. Da kashi 3.2, wadda aka saba ambata ga ƙasa baki ɗaya, zai zama kusan 740,500. Bambancin 0.2 a cikin ƙaruwar ya haifar da tazarar mutum kusan dubu ashirin da bakwai. Shi ya sa kiyasin da bai faɗi ƙaruwar da aka yi amfani da ita da shekarar da aka tsaya ba bai cika ba. Akwai kuma wani tarko na musamman ga garinmu. Idan ka haɗa Zariya da Sabon Gari na 2006 za ka samu 698,348. Wanda ya ce maka "Zariya mutum dubu ɗari bakwai ce" yana iya nufin ƙananan hukumomi biyu a 2006, yana iya nufin ɗaya a yau, kuma lambobin sun yi kusa da juna har ba za ka gane ba sai ka tambaya.

Ga mazaɓa kuwa, jami'in ya tura ni sashen lafiya a matakin farko, wurin jami'in rigakafi. A duk sakatariya su ne suka fi kowa riƙe alƙaluman mazaɓu, domin ba a raba allurar rigakafi da gidan sauro sai an san adadin da za a kai wa kowane yanki. Suna aiki da rabon da aka sani a ƙasa baki ɗaya: yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya kashi 4 cikin ɗari na jama'a, 'yan ƙasa da shekara biyar kashi 20, mata masu ciki kashi 5. Idan, alal misali, masu rigakafin shan inna sun bi gida-gida sun ƙirga yara 9,000 'yan ƙasa da shekara biyar a mazaɓa, a ninka da biyar, mazaɓar tana da kimanin mutum 45,000. Amma akwai tambayar da dole a yi kafin a karɓi irin wannan lamba: yaran nan ƙirga su aka yi a gidaje, ko kuwa kashi 20 aka cire daga kiyasin ƙidaya? Idan na biyu ne, ninkawa da biyar zai mayar da kai kan kiyasin da aka fara da shi ne kawai, ba ka samu sabuwar shaida ba. Idan na farko ne, a sani cewa ƙirgen rigakafi yakan haura gaskiya a wasu wurare, saboda yaran da suka wuce shekara biyar da ake haɗawa, da waɗanda ake ƙirgawa a makaranta a sake ƙirga su a gida. Na tambayi jami'in wanne ne nasu, ya nuna mini takardar tsarin aikin mazaɓarmu, mai ɗauke da sunayen unguwanni da adadin kowace, ya ce na ƙirgen gida-gida ne. Na gwada sunayen da jerin ofishin hakimi, na ga unguwa biyu da ke bakin iyaka suna cikin jerin lafiya na mazaɓar maƙwabta, domin asibitin can ne ya fi kusa da su. Wannan ba kuskure ba ne daga wurinsu, yankin aikin asibiti suke bi. Amma ga takardarmu dole a ƙara adadin waɗannan unguwanni biyu, kuma a rubuta cewa an ƙara.

Wasu za su ce a ɗauki rajistar masu zaɓe, tunda ita tana nan mazaɓa-mazaɓa har rumfa-rumfa. Ana iya haɗa ta a matsayin ƙarin shaida, amma ba yawan jama'a ba ce. 'Yan shekara goma sha takwas zuwa sama ne kaɗai a ciki, waɗanda suka yi rajista, kuma tana ɗauke da waɗanda suka rasu ko suka tashi ba a cire su ba. A mazaɓun da ke da manyan makarantu abin ya fi muni, domin ɗaliban da suka gama suka bar gari da daɗewa sunayensu na nan.

Na kuma leƙa ofishin Hukumar Ƙidaya na ƙaramar hukuma, inda ake rajistar haihuwa. Sun tabbatar da adadin da ke gazet ta 2009, suka ce takardar kiyasi mai hatiminsu daga ofishin jiha a Kaduna ake neman ta, da wasiƙa zuwa ga daraktan jiha. Wanda masu tallafinsa ko jami'arsa suka nace sai takardar hukumar ƙidaya, ya rubuta can tun ranar farko, kada ya jira amsar ƙaramar hukuma. Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kaduna ma wuri ne da ya dace a rubuta wa kan alƙaluman da suka yi ƙasa da matakin ƙaramar hukuma.

Batun faɗin ƙasa ya fi na jama'a jinkiri, kuma dalilinsa a fili yake. Faɗi ba ya samuwa sai da iyaka da aka zana a taswira. Iyakokin mazaɓu da na hakimai a ƙasarmu yawanci da baki aka san su ko da jerin unguwanni: daga rafi kaza zuwa titin jirgi, daga ganuwa zuwa gonar gidan wane. Inda akwai alama tsayayya, kamar yadda Kubanni ta raba Tudun Wada da Sabon Gari, aunawa ba wuya. Inda iyakar ta bi ta cikin gonaki, mutum biyu za su ja layi biyu. Idan gefe ɗaya na mazaɓa yana da tsawon kilomita shida, aka matsar da layin da rabin kilomita, faɗin ya canza da murabba'in kilomita uku, wato hekta 300. Ga mazaɓar cikin gari wannan na iya zama babban kaso na dukkan ƙasarta. Mai kula da filaye a sashen ayyuka ya shimfiɗa taswirar ƙaramar hukumar da suke da ita, wadda ta nuna iyakar waje da manyan hanyoyi, da layukan mazaɓu da aka ja don sauƙin aiki. Muka zauna da jerin unguwanni muka bi gefen mazaɓar ɗaya bayan ɗaya, ya ja layin a kan hoton tauraron ɗan'adam a kwamfuta, manhajar ta fitar da faɗin. Ya ce, "Zan rubuta maka wannan, amma da kalmar kimanin, kuma zan rubuta cewa ba safiyo aka yi ba. Idan awon da zai tsaya a kotu kake so, sai KADGIS." KADGIS ita ce hukumar da ke riƙe da taswirori da takardun filaye na Jihar Kaduna tun 2015. Ga takardar tallafi kimanin ya wadatar. Ga abin da ya shafi rikicin iyaka ko rabon fili bai wadatar ba, kuma bai kamata a yi amfani da irin wannan takarda a can ba.

A lura da ma'auni. Murabba'in kilomita ɗaya hekta 100 ne, kusan eka 247. Masu filaye sun fi magana da hekta, manoma da eka, takardun tallafi kuma da murabba'in kilomita. Na ga takardar wata ƙungiya da aka rubuta adadin hekta a gurbin kilomita, mazaɓarsu ta fito ta ninka girmanta sau ɗari. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a kimanta tsawon yankin da faɗinsa da kilomita a ninka. Idan mazaɓar da ake ratsa ta a kan babur cikin minti goma ta fito da ɗaruruwan murabba'in kilomita, an gauraya ma'auni.

Da bayanan suka kammala a sassan biyu, saura a haɗa su a wasiƙa ɗaya Sakatare ya sa hannu, kuma wannan mataki ya ɗauki lokacinsa. Bayan kamar mako biyu na rubuta wasiƙar tuni, gajera, mai ɗauke da lambar fayil da ranar da aka karɓi ta farko, na haɗa kwafin mai hatimi, na shigar ta rajista kamar ta farko. A cikinta ne na ambaci Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, cikin ladabi, a jimla ɗaya. Dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, tana iya ƙara wasu bakwai idan bayanan na da yawa ko sai an tuntuɓi wasu, kuma idan za ta hana sai ta faɗi dalili a rubuce. Ba ta buƙatar mai nema ya bayyana abin da zai yi da bayanin, kuma kuɗin da ta yarda a karɓa na kwafi ne kawai. An daɗe ana jayayya kan ko ta shafi jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilun 2025 cewa ta shafe su. A ganina ba a fara wasiƙar farko da ita, domin tana sa ma'aikaci ya ɗaure fuska ya tura fayil wurin lauya. Kuma tana da iyaka da ya kamata a sani: tana tilasta a ba ka takardar da ke akwai, ba ta tilasta a ƙirƙiro adadin da ba a taɓa ƙirgawa ba.

Amsar ta fito bayan wata ɗaya da ɗan wani abu daga ranar da na miƙa wasiƙar farko. Na sa hannu a littafin fitar wasiƙu na karɓa, kuma na karanta ta a tsaye kafin in bar rajista, domin gyara ya fi sauƙi fayil na kusa. Abin da na duba: sunan mazaɓar daidai yake, akwai lambar wasiƙa da kwanan wata, akwai sa hannu da sunan muƙamin mai sa hannun da hatimi, adadin 2006 ya dace da gazet ta 2009, kiyasin mazaɓa ya zo da shekararsa da sunan sashen da ya bayar, faɗin ƙasa ya zo da ma'auninsa da kalmar kimanin, kuma an liƙa kwafin taswirar. Na ji sanyi a raina da na ga duk sun cika, musamman jimlar da ta bayyana cewa babu adadin ƙidaya na matakin mazaɓa, domin ita ce ta kare mu daga zargin cewa mun ƙi kawo shi.

A takardar masu tallafin mun cike gurbin jama'a da kiyasin sashen lafiya, muka rubuta a gefensa "kiyasi" da shekarar, muka sa adadin ƙaramar hukuma na 2006 a layin ƙarin bayani. Gurbin faɗin ƙasa mun sa adadin sashen ayyuka da kalmar kimanin. Ainihin wasiƙar ta zauna a fayil ɗin ƙungiya, kwafi muka tura. Mun kai kwafi ɗaya ofishin hakimi, ɗaya ga kansilan mazaɓar, domin duk wanda zai nemi waɗannan alƙaluma nan gaba ya fara daga lambar wasiƙar. Kiyasin lafiya yana canzawa duk lokacin da aka sabunta tsarin rigakafi, don haka wanda zai yi amfani da ita bayan shekara ɗaya ko biyu ya koma sashen lafiya a sabunta masa wannan layi kaɗai, sauran biyun suna nan yadda suke har sai an yi sabuwar ƙidaya ko an sake zana iyaka.